Tantance Ninkin Baƙi da Jerin Wasulan "ie" da "ei": Misali daga Yammacin Zamfara

Mai nazarin da ya naɗo hira a Tungar Daji ko a kasuwannin Anka, Gummi da Bukkuyum yakan fuskanci matsala da zarar ya zauna mayar da ita rubutu. Kunne yana jin shadda a wuraren da daidaitacciyar Hausa ba ta rubuta ta, yana kuma jin "ei" a inda ƙamus ya kawo "ai". Saboda haka ji kaɗai bai isa hujja ba, sai an haɗa da ƙirar kalma.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, amma yana nuna ninkin baƙi, domin ninkin yana bambanta ma'ana: mana da manna, daba da dabba, kala da kalla. Ninkakken baƙi yana rabuwa tsakanin gaɓoɓi biyu, na farko ya rufe gaɓa, na biyu ya buɗe ta gaba, kamar Gum-mi da Buk-ku-yum. Wannan ne ya sa ba ya zuwa a farko ko ƙarshen kalma. Idan kuma baƙin da harufa biyu ake rubuta shi, harafin farko kawai ake maimaitawa: Sakkwato, kyakkyawa, tsattsaura, shasshaka. Wanda ya rubuta "kyakykyawa" ya saɓa ƙa'ida, ko da furucinsa daidai ne.

Inda aikin ya fi wuya shi ne rarrabe shaddar da ƙirar kalma ta haifar da wadda karin harshe ya kawo. Ta farko ana iya hasashenta. Siffar da aka samo daga aikatau tana ninka baƙin ƙarshe na saiwa: dafa ta ba da dafaffe, gyara ta ba da gyararre. Daga rubuta ana samun rubutacce, domin "t" tana komawa "c" a gaban wasalin "e", kuma jam'in, rubutattu, yana dawo da baƙin asali. Haka aikatau mai nuna maimaici: bubbuga, daddafa. Duk waɗannan wajibi ne a rubuta su.

Ta biyu kuwa ita ce ta Hausar yamma, inda ake cewa hulla da kassuwa a madadin hula da kasuwa. Sunan garin kansa ya isa misali. A bakin mazauna yankin, "-r" ta mallakar mace takan nashe cikin baƙin da ke biye, sai a ji Tungad Daji, kamar yadda ake jin rigam Musa ko gonab Bello. Hanyar gwaji ita ce a sauya kalma ta biyu. Idan baƙin ya sauya tare da ita, to naso ne, ba ya cikin saiwar tunga, riga ko gona, kuma daidaitaccen rubutu zai mayar da shi "-r". A nazarin karin harshe, ba shakka, ya kamata a bar furucin yadda yake, amma a bayyana cewa rubutun furuci ne. Cakuɗa tsarin biyu a shafi ɗaya shi ne ke ɓata bayanai, domin mai karatu ba zai san wane ninki ne shaida ba, wane ne kuskuren alƙalami.

Sunayen wurare da na mutane suna da nasu hukunci. Garin Gummi da "m" biyu ake rubuta shi, amma Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ɗan garin ne, da "m" ɗaya sunansa ya shahara a littattafai. Gyara masa suna zai rikita mai neman ayyukansa.

Batun "ie" da "ei" ya fi sauƙi. Ɗaliban da suka haddace dokar Ingilishi, wadda ke cewa "i" ta gabaci "e" sai in bayan "c" ne, sukan nemi kwatankwacinta a Hausa, alhali babu ko ɗaya daga cikin jerin biyu a daidaitaccen rubutu. Tagwayen wasulan da aka saba da su "ai" da "au" ne. Abin da ake ji kamar "ie" gaɓa biyu ne da "y" a tsakani, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da wasali: a-ji-ye, bi-ye, ci-ye-ci-ye.

Shi kuwa "ei" furuci ne na "ai", musamman bayan baƙaƙe irin su "s", "d", "r" da "l". Shi ya sa "sei" da "deidei" suka cika saƙonnin waya. Ƙirar kalma tana warware wannan ma. Idan aka rufe gaɓar da "-n" ta mallaka, wasali na biyu yana faɗuwa, na farko ya bayyana: rai ta koma ransa, mai ta koma man shanu, kai ta koma kan sarki. Wasalin da ya rage "a" ne, ba "e" ba. Kalmomin aro ma hanyar suka bi: sautin Ingilishi mai kama da "ei" ya zama "e" tsantsa a tebur da fenti, babban birnin Nijar kuma Yamai ne a rubutun Hausa.

Gwajin yana da iyaka. A kalmomi irin su laifi da daidai, ko sai, ba a iya rufe gaɓar ta wannan hanya, don haka dole a koma ga ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da amfani na musamman ga mai aiki a Zamfara, domin yana sa alama ga kalmomi da yawa na Sakkwato da Katsina, sai dai tsarin rubutunsa ya girmi ƙa'idojin yanzu, kuma ana bukatar gwama shi da ƙamusun baya-bayan nan kafin a tsayar da harafi.