Rumbun da Ya Faɗi Cikin Marka

Duk wanda ya taɓa koyar da rubutacciyar waƙa ya san wannan amsa. Ka ba ɗalibi baiti ka ce ya zuba ma'anarsa a zube, sai ya rubuta maka: "Mawaƙin yana baƙin ciki." Bai yi ƙarya ba, amma ya tatse nonon ya miƙo maka ƙwarya. Abin yana damuna, domin gyaransa ba shi da wuya.

Ga baiti da na tsara da kaina domin misali, a bakin wanda mahaifinsa ya rasu:

Rumbun gidanmu ya faɗi cikin marka,
Ga kaji na tonon asirin ɗaka.

Manazarta irin su Abdulƙadir Ɗangambo, mai Gadon Feɗe Waƙa, sun ba mu sunayen adon harshe. Da an ce mahaifin "kamar rumbu" yake, da kamance ke nan. A nan kai tsaye aka kira shi rumbu, wato siffantawa. Sanin sunan yana da amfani, sai dai daga nan aikin yake farawa.

Kada ka yi gaggawar cewa rumbu yana nufin uba. Fara tsayawa a gindin rumbun ka tambayi kanka me yake yi a gida. Shi ke riƙe da hatsin shekara. Daga cikinsa ake fid da damin da za a sussuka. Maƙwabci yana ganinsa a tsaye, bai san ko cike yake ko saura kaɗan ba, kuma wannan rashin sanin shi ne rufin asirin gidan. To, mawaƙin bai ce bango ba, bai ce inuwa ba. Bango kariya ne, inuwa hutu ce, rumbu kuwa ci ne da sutura. Uban da ake wa kuka a nan mai ciyarwa ne.

Sai lokaci, inda ɗalibai suka fi yin asara. Marka ita ce tsakiyar damina, wajen watan Agusta, sa'ad da ruwa ke wuni yana zuba. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Rumbun ƙasa in ya rushe a irin wannan ruwa, ɗan abin da ya rage ma jiƙewa zai yi ya ruɓe. Kalma ɗaya ce, amma ta ɗauko yunwa da tsoro da rashin mafita. Wanda ya tsallake ta ya zubar da rabin baitin.

Kajin fa? Ba kura aka ce ba, ba ɓarawo ba. Kaji 'yan gida ne, da tsabar da ke zuba daga rumbun suka girma. Ashe ba baƙin ciki kaɗai ke cikin ɗango na biyu ba, akwai ɗacin raini daga waɗanda suka ci arzikin mamacin.

Yanzu sai a zuba: "Mahaifinmu, wanda ke ciyar da mu yana rufa mana asiri, ya rasu a daidai lokacin da muka fi bukatarsa, ba mu da wata madogara. Ga shi tun yanzu waɗanda suka ci albarkacinsa, waɗanda a da ba su isa su ɗaga ido ba, suna bankaɗa halin da muke ciki."

Babu rumbu, babu kaza, amma ciwon yana nan. Na bar maganar a bakin mai ita, "mu" ban mayar da ita "su" ba, domin da zarar an ce "mawaƙin yana cewa" an ja da baya daga makokin. Na riƙe "ga shi tun yanzu" saboda "ga" ɗin baitin nuni ne da abin da ke faruwa a gaban ido. Na kuma zaɓi "bankaɗa" a kan "bayyana", don tono aiki ne na rashin ladabi.

Akwai kuskuren da ke ɗaya gefen, wato ƙari. Wani zai rubuta cewa sun yi ta kuka har suka suma, ko 'yan'uwan uba sun cinye gado. Baitin bai faɗi haka ba. Kowace jimla ta zuben dole ka iya nuna kalmar da ta haife ta.

Gwajin da nake yi shi ne in canza hoton. In sa "bango" a gurbin "rumbu", in sa "rani" a gurbin "marka", sannan in sake karanta abin da na rubuta. Idan har yanzu ya dace, ban fassara wannan baitin ba, na fassara kowace waƙar ta'aziyya ce.

Wani abin kam ba ya ƙetarewa. Amsa-amon "ka" da ya ɗaure marka da ɗaka, da karin da ke sa a rera, suna nan cikin waƙar. Shi ya sa in na gama karanta wa ɗalibai zuben, nakan sa ɗayansu ya tashi ya sake rera baitin.