Ni, Mini da 'Yan'uwansu: Rukuni Uku na Wakilin Suna a Jadawali Ɗaya

Wakilin suna a Hausa yana sauya siffa gwargwadon gurbin da ya tsaya a cikin jimla. Mace ɗaya ce ake kira *ita* idan ta tsaya da kanta, *ta* idan aiki ya faɗa a kanta, *mata* idan dominta aka yi aikin. Rukuni na farko shi ne mai zaman kansa, na biyu karɓau kai-tsaye, na uku kuma karɓau kaikaitau.

| Mutum | Mai zaman kansa | Karɓau kai-tsaye | Karɓau kaikaitau |
|---|---|---|---|
| na 1, tilo | ni | ni | mini, min |
| na 2, namiji | kai | ka | maka |
| na 2, mace | ke | ki | miki |
| na 3, namiji | shi | shi | masa |
| na 3, mace | ita | ta | mata |
| na 1, jam'i | mu | mu | mana |
| na 2, jam'i | ku | ku | muku |
| na 3, jam'i | su | su | musu |

Idan aka dubi rukunin farko da na biyu, za a ga layi 3 ne kacal daga cikin 8 suka bambanta a rubuce: *kai* da *ka*, *ke* da *ki*, *ita* da *ta*. Sauran kamanninsu ɗaya ne a takarda, ko da yake a baki wasalin mai zaman kansa dogo ne, na karɓau kuwa gajere. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa mai koyo kan ɗauka *shi* ɗaya ne ko'ina. Hanyar da ta fi dacewa wajen gane gurbi ita ce a gwada shi da jinsin mace. Inda *ita* ta zauna daidai, gurbin mai zaman kansa ne. Inda *ta* ta zauna, na karɓau ne.

Mai zaman kansa shi ake amsa tambaya da shi (*Wa ya zo? Ni.*), shi ke zuwa kafin *ne* da *ce* (*ita ce*), haka nan bayan *da*, *sai* da *babu*: *da ke*, *sai kai*, *babu ita*.

Karɓau kai-tsaye yana bin aikatau ba tare da wani abu a tsakani ba, kuma a ƙa'idar rubutu raba su ake yi: *ya kama ta*, *mun gan ka*. Wasu aikatau kan sauya wasalinsu na ƙarshe a gabansa. Ana cewa *Audu ya sayi akuya*, amma da zarar wakilin suna ya maye gurbin akuyar sai a ce *Audu ya saye ta*. Haka *nemi* da *tambayi* suke komawa *neme* da *tambaye*.

Karɓau kaikaitau shi ne wanda aka yi abu dominsa, ko aka yi abin ya shafe shi, alheri ne ko akasinsa: *an dafa mana tuwo*, *an sace musu shanu*. Idan suna ne a gurbin, *wa* ake sawa a Hausar Kano, *ma* kuma a karin harshen yamma irin na Sakkwato. Siffofi kamar *mani*, *maki*, *mashi*, *maku* da *masu* na wasu yankuna ne, ba kuskure ba ne, kuma bai kamata malami ya soke su da jan biro ba tare da bayani ba.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne inda karɓau biyu suka haɗu. A ɗauki jimlar *Audu ya saya wa Binta akuya*. Kaikaitau shi ke gaba, don haka idan aka cire sunan Binta sai a samu *Audu ya saya mata akuya*. Idan aka cire akuyar ma, mai bin jadawali ido rufe zai ce *ya saya mata ta*, abin da Bahaushe ba ya faɗa. Daidai shi ne *Audu ya saya mata ita*. Dalili kuwa, rukuni na biyu ba ya rayuwa sai a jikin aikatau. Da *mata* ta shiga tsakani, dole a koma ga mai zaman kansa. Wannan dalilin ne ya sa ake cewa *ya sayar da ita*, tunda *da* ta raba su.

Aikatau *ba*, na bayarwa, ya fita daban. Ma'anarsa ta sa ana tsammanin ya ɗauki *mata*, amma rukuni na biyu yake ɗauka: *ya ba ta kuɗi*, *sun ba ni littafi*. Kalmomin *ga*, *gare* da *akwai* ma haka suke: *ga ta nan*, *daga gare ka*, *akwai su da yawa*.