Sabon Tsarin Littafin Lissafin Kaya

Ma'aikatan shago, daga ranar Litinin kowane kaya layinsa guda ne a shafin rana, da gurbi biyar: ragowar jiya, wanda ya shigo, wanda aka sayar, wanda ya lalace, sai ragowar yau. A dauki sukari. An kwana da buhu 12, mota ta sauke 10, an sayar da 15, daya ya jike. Dole a tarar da 6 a sito. In aka kirga aka ga 5, kada a gyara alkalumma don su dace. A rubuta gibin da jan biro, a sanar da manaja kafin a rufe.

Kayan bashi ma sayarwa ne, tunda sun bar shago, amma a sa sunan mai karba a gefe. Kuma a daina hada katan da guda-guda a layi daya, nan lissafi ya fi rikicewa.