Magagin Barci: Dalilinsa da Hanyar Rage Shi

Kowane ɗan makarantar kwana ya san halin da ake shiga idan ƙararrawa ta tashe shi. Ido a buɗe, amma kai ya yi nauyi, jiki ya mutu, har mutum ya tsaya yana neman takalmin da ke ƙafarsa. Wannan shi ne Hausawa ke kira magagin barci. Sau da yawa akan ɗauke shi lalaci, har a tsawata wa yaro a kansa, alhali kuwa abu ne da ke cikin halittar ɗan Adam, yana da dalili, yana kuma da iyaka.

Da farko dai, barci ba iri ɗaya ba ne. Idan mutum ya kwanta, yakan fara da barci marar nauyi, wanda ko motsin ƙofa kan iya tashinsa. Bayan kamar rabin sa'a sai ya nutse cikin barci mai nauyi, inda numfashi ke daidaita, aikin ƙwaƙwalwa ya lafa ƙwarai. Daga nan ya sake tasowa sama zuwa barcin mafarki. Wannan zagaye yakan ɗauki wajen minti 90, kuma ana yinsa sau huɗu zuwa shida a dare guda. Wanda aka tasa daga tsakiyar barci mai nauyi, shi ne magagi ya fi kamawa.

Abu na biyu, ƙwaƙwalwa ba ta farkawa gaba ɗaya. Masana sun auna gudun jini a cikinta, suka ga sashen da ke can ciki, mai kula da farkawa, shi ke fara komawa bakin aiki cikin 'yan mintoci. Amma sashen gaba, wanda ke bayan goshi, watau mai tunani da lissafi da yanke shawara, sai ya yi kamar minti 20 ko fiye kafin ya kammala. Shi ya sa mutum zai iya tashi ya ɗauki bokiti ya nufi famfo, amma a tambaye shi bakwai sau takwas ya yi shiru. Ga yawancin mutane magagi yakan washe cikin minti 15 zuwa 30, ko da yake ragowarsa kan kai sa'a ɗaya ko fiye ga wanda ke da bashin barci.

Kada a raina waɗannan mintoci. A wani bincike da Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ta Amirka da abokan aikinsa suka buga a 2006, an tashi mutane bayan barcin sa'a takwas aka ba su lissafin tarawa nan take. Sakamakonsu a mintocin farko ya fi muni bisa ga wanda suka samu bayan sun yi sa'a 26 ba su runtsa ba. Haka kuma a ranar 22 ga Mayu, 2010, wani jirgin saman Air India Express ya zarce filin sauka a Mangalore ta ƙasar Indiya, mutum 158 suka rasu. Masu bincike sun gano cewa babban matuƙin ya yi dogon barci a hanya, suka kuma lissafta magagi cikin abubuwan da suka jawo haɗarin. Wannan darasi ne ga direban da ke gyangyaɗi a tashar Kawo yana jiran lodi: in an tashe shi, kada ya kama sitiyari nan take.

To, bari mu duba inda abin ya fi damunmu, watau ƙailula. A ce Musa da Audu sun ci abincin rana, suka kwanta da ƙarfe biyu da rabi. A ce kowannensu ya yi minti goma kafin barci ya ɗauke shi. Musa ya roƙi abokinsa ya tashe shi da ƙarfe uku daidai, watau ya yi barcin minti 20 ke nan. Bai kai ga nutsewa sosai ba, don haka da ya wanke fuska sai ya warware. Audu kuwa sai ƙararrawar uku da rabi ce ta tashe shi, bayan barcin minti 50, daidai lokacin da yake tsakiyar barci mai nauyi. Ya fi Musa yawan barci, amma shi ne zai tashi da nauyin kai da saurin fushi, ya yi la'asar yana layi. Wani bincike na Jami'ar Flinders ta Ostareliya a 2006 ya nuna irin wannan: waɗanda suka yi barcin minti 10 sun wartsake nan da nan, waɗanda suka yi minti 30 kuwa sai da suka yi fama da magagi tukuna. Saboda haka ƙailula ko dai ta zama gajeriya, kada ta wuce minti 20, ko kuwa a ranar hutu a bar ta ta cika zagaye guda na wajen sa'a ɗaya da rabi.

Sai dai akwai sharaɗi. Wanda bai samu isasshen barcin dare ba yakan nutse da wuri, har gajeriyar ƙailula ma ta bar shi da magagi. Masana sun ce masu shekara 13 zuwa 18 suna bukatar barcin sa'a 8 zuwa 10. Idan an kashe fitila ƙarfe goma, aka tashi biyar da rabi, sa'a bakwai da rabi ke nan, tun ba a cire hira ba. Wanda kuma ya ƙara sa'a biyu yana karatu da tocila, saura biyar da rabi. Ribar da ya ci da dare, zai biya ta da safe a aji.

Yaya za a sauƙaƙa tashin asuba? Haske shi ne babban abin da ke sanar da jiki cewa gari ya waye. A nan Kaduna, a watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai saura, ga sanyin hunturu da hazo. Don haka da an tashi a kunna fitila, a zauna a bakin gado na minti ɗaya ko biyu, kāna a miƙe. Ruwa a fuska, kamar na alwala, da 'yar tafiya suna taimakawa, ko da yake ba sa kawar da magagi dungum. Shayi da goro suna da sinadarin da ke kore barci, amma sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, kuma shan su da dare yana ɓata barci. A guji komawa a ce "bari in ƙara kaɗan", domin sau da yawa wani sabon barcin ne za a fara, a sake katse shi. Rabin sa'ar farko a ba ta wanka da shara da gyaran gado, lissafi ya biyo baya.

Ina roƙon shugabannin ɗakunan kwana da iyayenmu a gida, musamman lokacin sahur, su riƙa tashin yara da haske da kiran suna da taɓa kafaɗa, maimakon dukan gado ko watsa ruwa. Firgita tana buɗe ido, amma ba ta gaggauta farkawar ƙwaƙwalwa. In da saƙo mai muhimmanci, a dakata minti goma, sa'an nan a sa yaro ya maimaita shi.

Daga ƙarshe, magagi na kullum yana washewa da kansa. Amma idan nauyin kai ya wuni tare da zazzaɓi, ko mutum yana barci isasshe amma yana gyangyaɗi a aji kullum, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashi na sarƙewa, to wannan ya wuce magagi, sai a je asibiti. Allah Ya sa mu kwana lafiya, mu tashi lafiya.