AeroPress: Kofi Mai Daɗi Ba Ya Son Hannu Mai Ƙarfi

Wanda ya fara ganin AeroPress a kan tebur zai ɗauka wani ƙaton sirinji ne aka cire wa allura. Bututu ne na roba mai ƙwari, da madanni mai shiga cikinsa cif-cif, sai murfi mai ƙananan huji da ake shimfiɗa wa takardar tacewa. Ba ya buƙatar wuta ko batir. Ruwan zafi da garin kofi da tafin hannu, shi ke nan.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Alan Adler ne ya ƙirƙiro shi, ya fitar da shi kasuwa a 2005. Kafin nan an fi saninsa da Aerobie, wani zoben wasa da ake cillawa a iska. Abin da ya dame shi kuwa shi ne yadda mutum zai haɗa kofi na shan mutum ɗaya cikin sauri ba tare da ɗaci ba. Ba a jima ba abin ya karɓu, har aka fara gasar duniya ta haɗa kofi da shi a birnin Oslo na ƙasar Norway a 2008, da mutum uku kacal.

Tun farko a lura: garin kofin gwangwani da mai shayi ke kaɗawa ya narke nan take ba shi ake zubawa a nan ba. Ana amfani da 'ya'yan kofi ne da aka soya aka niƙa, irin waɗanda ba sa narkewa, sai dai a jiƙa su a tace.

Hanyar da Adler ya tsara mai sauƙi ce. A sa takarda a murfi, a ɗaura, a ɗora bututun a kan kofin sha, a zuba gari da ruwa, a juya na daƙiƙa goma, sannan a danna. Ya fi son ruwan da bai kai tafasa ba, wajen digiri 80 ga kofin da ya soyu ya yi duhu, 85 ga wanda aka yi wa suya sama-sama. Matsalar da masu sha suka gano ita ce, da zarar ruwa ya taɓa gari sai ya fara ɗiga ta takardar. Idan mutum na son ya bar shi ya jiƙa na minti biyu, kafin lokacin wani kaso ya riga ya zurare ƙasa salam, bai ɗebo komai ba.

Daga nan aka samo dabarar kifewa. Ana zura madannin cikin bututun kamar santimita biyu, a tsayar da shi a kansa, bakin da ake ɗaura wa murfi yana kallon sama. Yanzu ƙasan a toshe yake, ko ɗigo ɗaya ba zai fita ba sai mai shi ya ga dama.

Ga yadda ake haɗa kofi ɗaya ta wannan hanya. A auna giram 15 na gari mai matsakaicin laushi, wanda ba ɓarzajje ba, ba kuma lilis ba. A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi ya ɗan huce na minti biyu ko uku. A zuba garin a bututun da aka kife, a bi shi da ruwa mililita 200 a hankali. Idan suyar sabuwa ce za a ga kumfa ta taso tana neman ambaliya, domin iskar da ke ƙunshe a garin ce ke fita. Sai a dakata ta lafa kafin a ƙarasa zubawa. A juya sau huɗu ko biyar. Yayin da ake jira, a jiƙa takardar da ruwan zafi a cikin murfinta don ta manne, kada ta faɗo lokacin ɗaurawa. Da an yi minti ɗaya da rabi, a ɗaura murfin tamau, a kifa kofin sha a kansa, a riƙe bututu da madanni da hannu ɗaya, kofin da ɗaya hannun, a juye su gaba ɗaya lokaci guda.

Wannan juyin ne wurin haɗari, kuma ba abin wasa ba ne. Idan madannin bai shige sosai ba, ko hannu ya riƙe bututun kaɗai, sai su rabu a tsakiya, ruwan zafi da gari su kwararo wa mutum a hannu. Iskar da ta maƙale a ciki ma takan kumbura da zafi ta turo madannin baya. Shi ya sa gwanaye, bayan ɗaura murfi, suke jawo bututun ƙasa a hankali har ruwan ya kusa taɓa takarda, iskar ta fice. Kamfanin da ke ƙera na'urar da kansa bai yarda da kifewa ba saboda ƙuna. Akwai kuma hanyar tsira mai sauƙi: a haɗa a miƙe yadda aka saba, da an gama zuba ruwa a zura madannin kaɗan a sama, a ɗan ja shi baya. Ɗigar za ta tsaya kusan gaba ɗaya, a jira iya son rai. Ga mai yara a gida, ko mai haɗawa da asuba ido bai gama buɗewa ba, wannan ta fi.

Ko ta wace hanya aka bi, wurin da aka fi ɓata kofi shi ne dannawa. Mutane da yawa na ganin in sun haye madannin da ƙarfin tsiya za su tatso ƙarin daɗi, ko su samu irin kofin nan mai kauri na injin kanti. Wancan inji yana tura ruwa da matsin da ya kai ninki tara na nauyin iskar da ke kewaye da mu. Kafin a samu haka a faɗin wannan bututu, sai an ɗora masa fiye da kilo 200. Hannu ba zai kai ba, kuma ba a nan daɗin yake ba. Ɗanɗanon ya riga ya fita lokacin jiƙo. Aikin madanni shi ne raba ruwan da tuƙa.

Abin da ƙarfi ke jawowa shi ne garin ya dunƙule ya toshe takardar, madannin ya cije. Ruwan sai ya fasa wa kansa hanya ta gefe, ya kwaso ƙurar gari, kofin ya fito da gurɓi da bauri. Wani lokaci ma ya yi tsartuwa ta gefen murfi, ko kofin sha ya zame, in kuwa tangaran ne mara kauri ya fashe. Adler ya sha nanata cewa dannawa a hankali ta fi saurin kaiwa ƙasa, domin garin bai matse ba. A ɗora tafin hannu, a bar nauyin damtse ya yi aikin, madannin ya sauka cikin daƙiƙa 30 zuwa 45. Da an ji sautin iska na fita tsiii, ruwan ya ƙare.

Hannun da kansa zai gaya wa mutum halin niƙansa. Idan madannin ya sulale ƙasa cikin daƙiƙa goma ba turjiya, garin ya yi tsaki-tsaki, kuma kofin zai fito tsararo da tsami. Sai a ƙara laushi ko a tsawaita jiƙo. Idan kuwa ya ƙi motsi sai da nishi, niƙan ya yi lilis, ɗaci ne zai biyo baya. A irin wannan hali kada a ƙara ƙarfi, a sassauta a jira ruwan ya ratsa, gobe kuma a rage laushin. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane karo, in ba haka ba ba za a gane wanda ya gyara ba.

Bayan an gama, a kwance murfi, a tura madannin har ƙarshe, tuƙar ta faɗo a dunƙule cikin kwandon shara, a ɗauraye robar bakinsa. Kada a ajiye madannin a maƙale a tsakiyar bututu, domin robar takan matse ta daina kamawa. A turo shi har ya fito ta ɗaya ɓangaren, ko a ajiye su daban-daban.