Saƙon da ya yi mako uku ba amsa: haƙurin layi ɗaya ya wadatar

Kusan duk mai sana'a ta waya yana da irin wannan saƙon: ya buɗe shi, ya ce zai amsa anjima, sai hidima ta sha kansa. Ranar da ya tuna, mako uku sun wuce. Daga nan kunya kan jefa mutum ɗayan biyu: ko ya yi shiru gaba ɗaya, ko ya naɗi saƙon murya na minti huɗu yana lissafa uzuri.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano. Wata Hajiya da ta saba saye a wurinsa ta turo hoton atamfar da ta fitar anko don bikin 'yarta, tana tambaya ko za a samu ƙarin turmi biyar. Ya gani bai amsa ba, sai bayan kwana 21.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce doguwa: waya ta lalace, an yi tafiya, yaron shago ne ke riƙe da layin, kasuwa ta cika. Ko da duk gaskiya ne, Hajiya ba ta tambayi ko ɗaya ba. Sai ta gama sauraron wannan duka da datarta kafin ta ji ko akwai atamfa. Kuma al'ada ta ɗora mata ta ce "ba komai", har ta jajanta masa kan wayar. Ita aka bari tana jira, ga shi ita ce ke lallashi.

Wayar ma kan tona dogon uzuri. Tun 2014 WhatsApp ke nuna alamar shuɗi guda biyu idan an karanta saƙo, sai dai in mutum ya kashe ta. Idan Hajiya ta ga shuɗin tun ranar, ko ta riƙa ganin sabbin kaya a Status ɗinsa kullum, "ban ga saƙonki ba" ya tashi daga uzuri ya koma ƙarya. Jinkiri ana manta shi, amma wadda ta kama mai shago da ƙarya a kan saƙo za ta fara shakkar farashinsa ma.

Ga yadda gajeren zai kasance: "Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya iyali? Ki yi haƙuri, na yi jinkirin amsa miki. Atamfar nan saura turmi uku, ragowar biyun sai ranar Alhamis. In har yanzu ana bukata, in ajiye miki?"

Gajartawa ba ta shafi gaisuwa ba. Wanda ya faɗo wa babba da "ki yi haƙuri" ba sallama ya ƙara laifi a kan laifi. Abin da aka yanke shi ne dalili. Haƙurin jimla ɗaya ce, kuma ta amsa laifin kai tsaye: "na yi jinkiri", ba "saƙo ya makale" ba.

Mafi nauyi a cikin saƙon shi ne "in har yanzu ana bukata". A mako uku abubuwa sun canja. Wataƙila an sha biki, wataƙila ta saya a wani shagon, wataƙila kuɗin turmi ya tashi. Don haka ya kamata ya duba kayan da farashin yau kafin ya rubuta, ya kuma bar mata ƙofar cewa ta samu ba tare da ta ji nauyi ba. Yana da kyau ya ja tsohon saƙon nata zuwa dama ya amsa a kansa, don hoton atamfar ya fito tare da amsar; ba lallai ta tuna wace tambaya ake amsawa ba.

Akwai inda dalili ke da amfani, wato idan ya shafi abin da za ta yi nan gaba. In ya canja lamba, ko shagon ya koma wani layin, sai ya faɗa a taƙaice. In ita ta tambayi abin da ya faru, a nan ne wurin bayani.

Akwai kuma inda layi ɗaya bai isa ba. Idan ta riga ta tura kuɗi, haƙuri ba ya wadatarwa sai da ranar da kaya za su iso ko kuɗi za su dawo. Idan kuwa saƙon da ya kwana na rasuwa ne, wanda bai amsa ba sai ya kira ko ya taka ya je ta'aziyya. Ko a can ɗin, ya ce a yi masa afuwa sau ɗaya, ya koma ga yi wa mamaci addu'a.