Idan jadawalin aiki biyu ya ci karo: wa za a roƙa ya matsa?

Ma'aikacin da ba na cikakken lokaci ba, wanda ke raba makonsa tsakanin wurare biyu, yana ƙarƙashin jadawali biyu ne da mutane biyu suka tsara ba tare da sun tuntuɓi juna ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 175, ta shekarar 1994, ta bayyana irin wannan ma'aikaci da cewa shi ne wanda sa'o'in aikinsa ba su kai na takwaransa mai cikakken aiki ba. A biranen Arewa an fi ganinsa a makarantu masu zaman kansu, inda malaman lissafi da fiziks ke da wuyar samu, sai malami ɗaya ya riƙe makarantu biyu. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ta sauya jadawalinta, shi kaɗai ne zai iya ganin cewa an yi karo, domin shi kaɗai ke riƙe da takardun biyu.

Misali, malamin fiziks a Kano yana koyarwa a wata makaranta a Hotoro ranakun Litinin da Laraba, a wata kuma a Kabuga ranakun Talata da Alhamis. Da aka dawo zango na biyu, makarantar Kabuga ta mayar da darasin gwaji na aji biyu na babbar sakandare zuwa Laraba, daga 11:20 zuwa 12:40, wato darasi biyu a haɗe masu minti arba'in-arba'in. A Hotoro kuwa darasinsa na ƙarshe ran Laraba yana ƙarewa ne da 11:40. A takarda, karon minti ashirin ne kacal, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗin kansu cewa za su iya lallaɓawa. Amma Hotoro na gabashin gari, Kabuga na yamma. In an lissafa fitowa daga aji, da jiran A Daidaita Sahu, da cunkoson tsakar rana, da wuya ya isa kafin 12:30. Ke nan darasin gaba ɗaya ne zai tafi. Saboda haka lissafin karo yana farawa daga lokacin da mutum zai iya tsayawa gaban ɗalibai a shirye, ba daga abin da aka rubuta a allon sanarwa ba.

Abu na gaba shi ne zaɓen wanda za a roƙa. Dukansu biyu ya kamata su sani, amma ɗaya kaɗai ake roƙo ya gyara. In aka roƙi duka biyun lokaci guda, kowa na iya matsar da nasa darasin, a sake haɗuwa a wata sa'ar. Bisa adalci, wanda ya sauya tsari shi ake fara tunkara, domin malamin ya karɓi aikin Kabuga ne a kan Talata da Alhamis, kuma Larabarsa tuni ya yi alkawarinta ga wasu. Sai dai adalci kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai abubuwan da ba sa matsuwa ko da shugaban makaranta ya so: ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO, alal misali, hukumar ce ke tsayar da ita. In karon ya faɗo a irin wannan rana, ɗaya makarantar ce za a roƙa, ko da ita ce ta riga.

Roƙon ya fi karɓuwa idan ya zo da mafita a hannu. Mai tsara jadawali, wanda galibi mataimakin shugaban makaranta ne mai kula da karatu, ya san cewa taɓa darasi ɗaya yana motsa wasu. Kafin malamin ya buɗe baki, zai duba abu uku: ko ajin zai iya karɓar darasin a sabon lokacin, ko ɗakin gwaje-gwaje babu kowa a sa'ar, da kuma ko malamin da ke da wannan lokacin zai yarda a yi musaya. A wannan misalin, malamin ba shi da darasi ran Alhamis daga 9:20 zuwa 10:40, ɗakin gwaji ba kowa, ajin kuma yana da Turanci a wannan lokacin tare da malama mai cikakken aiki, wadda take makaranta ko wace rana. Ya fara neman yardarta, sannan ya je wurin mataimakin da kansa, ya gaishe shi, ya ce:

"Ranka ya daɗe, na ga sabon jadawali. Gwajin aji biyu ya faɗo Laraba 11:20, ni kuwa ina da darasi a ɗaya makarantar har 11:40, kamar yadda na shaida maka lokacin da aka ɗauke ni. Na duba, Alhamis 9:20 ɗakin gwaji ba kowa, malamar Turanci kuma ta yarda mu yi musaya in ka amince. Ko za a taimaka a gyara kafin Laraba mai zuwa?"

Cikin 'yan kalmomin nan akwai rana da sa'a, da dalili, da mafita, da wa'adi. Babu ƙorafi a ciki, babu kuma kwatanta abin da wannan makaranta ke biya da abin da waccan ke biya, maganar da ke mayar da roƙo ya zama barazana. Bayan an rabu, yana da kyau ya aika taƙaitaccen saƙo a waya mai maimaita abin da aka tsayar, ya kuma tabbatar an gyara jadawalin da ke manne a ofis da na ajin. In ba a gyara takardar ba, duk wanda ya zaga ran Laraba ya tarar da ajin ba malamin fiziks zai rubuta shi cikin masu fashi. Makarantar Hotoro kuwa sanarwa kawai za a yi mata: an sami karo, ana gyarawa a can, darasinta na nan yadda yake.

Maganar tana sauƙi ne ga wanda tun farko bai ɓoye aikinsa na biyu ba. Wanda ya ɓoye, ranar karo sai ya ɗauki nauyi biyu, na roƙo da na bayanin abin da ya sa ya yi shiru. Akwai kuma iyaka ta doka: ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati mai cikakken aiki gudanar da harkar kansa, in ban da noma, kuma wasu takardun ɗaukar aiki na masu zaman kansu sukan hana yin aiki a wani wuri ba da izini ba. Ya kamata mutum ya karanta tasa takardar kafin ya je.

Abin da ya fi ɓata lamari shi ne jinkiri. A makon farko na zango jadawali yana ɗanye, ana sa ran gyare-gyare. In an kai mako na huɗu kowa ya riga ya daidaita harkokinsa a kai. Malamin da ya yi shiru yakan koma ga dabaru: ya fice daga aji ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa, ya bar wa monita rubutu ya kwafa a allo, ko ya ce ba shi da lafiya. Rajistar sa hannu takan tona shi, domin lattin kullum rana ɗaya yake faɗowa, ɗalibai kuma su kai ƙarshen zango ba su taɓa kayan gwaji ba.

Wani lokaci amsar a'a ce, kuma da hujja, musamman in makarantar na da ɗakin gwaji ɗaya da azuzuwa da yawa. A nan malamin zai iya komawa Hotoro ya roƙi a dawo da darasinsa na ƙarshe zuwa safiya, ko ya sauke ajin guda a Kabuga tare da ba da isasshen lokaci a nemo wani, ya miƙa masa bayanin inda aka tsaya a manhaja. Tsarin da aka cimma ma yana buƙatar a sake duba shi duk lokacin da sa'o'in makaranta suka motsa, kamar a watan azumi, inda makarantu da dama ke rage tsawon darussa kuma ba lalle su rage daidai da juna ba.